Dalilin Da Ya Sa Gindin Gashi Ke Riga Ƙarshensa Yin Haske In Ana Bilicin, Da Yadda Ake Shafa Maganin

'Yan uwa mazauna Sabon Ibadan, Agege, Shagamu, Fatakwal da sauran zangonninmu na kudu, akwai wata matsala da kusan duk wanda ya taɓa sa wa gashinsa bilicin ya sani. Ana wanke kai sai a ga gashin da ke jikin fata ya yi rawaya fayau, tsakiya ta yi ruwan goro, ƙarshe kuma ya tsaya ja-ja kamar tsatsa. Kai ɗaya, launi uku. Mai kai ya ce maganin jabu ne, mai shago ya ce gashin ne mai taurin kai, alhali sau da yawa ba ko ɗaya. Ɗumin fatar kai ne ya yi aikinsa.

Ni ɗan Arawa ne a cikin garin Gombe. Mahaifina fataucin shanu yake yi zuwa kudu, ni kuma tun da na gama sakandare nake taya yayana aiki a shagon askinsa, inda samari ke zuwa a sauya musu launin gashi, musamman in biki ya matso. Abin da zan bayyana a nan shi ne dalilin wannan bambancin launi, da tsarin shafawar da ke hana shi.

Abin da bilicin ke yi wa gashi

Bilicin ɗin gashi abu biyu ne ake haɗawa. Akwai hoda, fara ko mai shuɗi-shuɗi, akwai kuma ruwan haɗi, wanda masu shago ke kira difelofa. Ruwan haɗin nan sinadarin haidirojin feroksaid ne, kuma lambar da ke jikin kwalbar ita ke nuna ƙarfinsa. Lamba 10 na nufin kashi 3 cikin ɗari, lamba 20 kashi 6, lamba 30 kashi 9, lamba 40 kuma kashi 12. In aka kwaɓa su, hodar tana kumbura silin gashi ta buɗe ɓawonsa, sai ruwan ya shiga ciki ya dinga farfasa melanin, wato sinadarin da ke ba gashi baƙinsa.

Baƙin ba ya fita gaba ɗaya. Mataki-mataki yake bi: daga baƙi zuwa ruwan ƙasa, zuwa ja, zuwa ruwan goro, zuwa rawaya, sannan rawaya mai haske irin ta cikin ɓawon ayaba. Ba ya tsallake ko ɗaya. Gashinmu baƙi ne wuluk, saboda haka tafiyarsa ta fi ta kowa nisa. Wannan shi ne abin riƙewa: in ka ga gindi rawaya, ƙarshe ja, ba launi daban aka sa musu ba. Hanya ɗaya suka ɗauka, gindin ne ya riga zuwa.

Me ya sa gindin ke riga zuwa?

Duk wanda ya taso gidan shanu ya san yadda ake kwana da madara ta zama kindirmo. A bazara kafin gari ya waye ta kama, a hunturu kuwa sai an lulluɓe ƙwaryar an ajiye ta wuri mai ɗumi. Madara ɗaya ce, ɗumi ne ya bambanta. Bilicin ma haka yake, zafi na ƙara masa sauri. Masu ilimin sinadarai suna da wani ƙiyasi da suke aiki da shi, cewa yawancin irin waɗannan haɗe-haɗe saurinsu kan kusan ninkawa duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10.

Jikin ɗan Adam yana kan digiri 37 a ma'aunin Salshiyas, fatar kai kuma ƙasa da haka kaɗan. Maganin da ya zauna a kan fata kamar tukunya ce a kan murhu mai ƙaramar wuta, ba ya hucewa. Wanda ke ƙarshen gashi kuwa iskar ɗaki ce ke kaɗa shi, ga shi jiƙaƙƙe, yana ta sanyi kamar ruwan randa. Ɗumin fatar ba ya tafiya nesa. Iyakarsa wajen santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kusan faɗin ɗan yatsa manuni. Wannan ɗan yankin shi nake kira gindi a duk bayanin nan.

Abu biyu ne ke ƙara wa ɗumin ƙarfi. Na farko, bilicin yana aiki ne muddin yana da danshi, da ya bushe ya tsaya. A gindi gashi a cunkushe yake, balle namu mai murɗe-murɗe, sai ya riƙe danshi da ɗumi kamar bargo. Ƙarshe kuwa a buɗe yake, shi ke fara bushewa. Na biyu, gashi yana tsiro wajen santimita ɗaya a wata, ke nan gindi ɗan wata ɗaya ne, bai taɓa ganin dayis ko lalle ba. Ƙarshen gashi mai tsawon santimita 6 kuwa ya yi wata shida yana shan duk abin da aka shafa masa, kuma launin kanti ya fi baƙin halitta wuyar fita.

Ko a kan fatar ma ba ko'ina ne ɗaya ba. Tsakar kai ta kan riga ƙeya yin haske, gashin ƙeya kuma ya kan yi gardama. 'Yan siraran gashin goshi da na gefen kunne su ne mafi saurin haske kuma mafi saurin karyewa.

Yanayin gari ma yana da hannu

Abin da ke haifar da matsalar shi ne tazarar da ke tsakanin ɗumin fata da ɗumin iska, kuma wannan tazarar tana sauyawa daga gari zuwa gari. A Gombe cikin Disamba da Janairu, da safe akwai sanyi ga iska busasshiya. Lokacin ne tazarar ta fi faɗi, ƙarshen gashi ya yi sanyi ya kuma bushe da wuri, gindi na ta gudu. A Maris da Afrilu, sa'ad da zafi ke kusantar digiri 40, iska ta kamo fata ko ta wuce ta, sai tazarar ta ragu. Amma a lokacin duk kan ne ke gudu, kuma maganin na bushewa nan da nan, saboda haka sai an yawaita dubawa.

Ku da ke Legas ko Fatakwal kuna da sauƙi ta wani ɓangaren, domin iskarku mai laima ce, magani ba ya saurin bushewa. Inda kuke faɗawa shi ne shago mai na'urar sanyaya ɗaki, ko kujerar da ke ƙarƙashin fanka. Wannan hunturu ne ƙarami aka kawo cikin ɗaki. In za a yi bilicin, a kashe fanka ko a janye kujera daga saitinta.

Kafin a kwaɓa komai

Abu na farko shi ne awo, domin tsawon gashi ne ke faɗin tsarin da za a bi. Gashinmu yana naɗewa, wanda ido ke gani gajere in ka ja shi sai ka ga ya ninka. Ka kama 'yan silla a tsakar kai ka miƙe su, ka gwada da ɗan yatsa.

In tsawon bai wuce faɗin yatsa ɗaya ba, kamar wanda aka yi wa aski ƙasa-ƙasa, duk gashin yana cikin yankin ɗumi. Babu maganar gindi da ƙarshe, shafa ɗaya za a yi da lamba 20, a fara daga ƙeya, a bi gefe da sama, a ƙare da goshi. In kuwa ya wuce yatsa biyu, dole a raba aikin gida biyu, tsawo da farko, gindi daga baya.

Na biyu shi ne tambaya. Yaushe rabonka da dayis? An taɓa sa lalle? An sa rilaksa, wato man miƙar da gashi? Gashin da ya sha rilaksa ya riga ya yi rauni, in aka ɗora masa bilicin yakan tsinke a hannu, mu a shago ba ma taɓa shi. Wasu lallen kanti da wasu dayis suna da gishirin ƙarfe a ciki, in ya haɗu da ruwan haɗi sai gashi ya ɗau zafi ya lalace. Maganin wannan shi ne gwaji. A yanko ɗan gashi daga ƙeya a sa cikin kwaɓin, a gani ko zai yi haske lafiya. A kuma shafa ɗan kaɗan a bayan kunne kamar yadda takardar maganin ta ce, a jira awa 48 a ga ko fata za ta yi ƙaiƙayi ko kumburi. Ba a fafe gora ranar tafiya, wanda ke da biki ranar Asabar ya zo tun farkon mako.

Kada a wanke kai kwana ɗaya ko biyu kafin aikin, domin maiƙon da fata ke fitarwa yana kare ta. Kada a sosa, kada a yi gyaran fuska da reza a ranar. In akwai ƙurji, makero ko wani ciwo a kai, a fasa har ya warke.

Aikin da muka yi, daga farko zuwa ƙarshe

Ga misalin wani saurayi da muka yi wa aiki cikin hunturu. Gashinsa in an miƙe santimita 6 ne, bai taɓa sa dayis ko rilaksa ba, yana son ruwan zinare. Ya yi gwajin bayan kunne tun kwana biyu kafin nan.

Muka taje gashin a bushe har ya warware, muka shafa basilin a goshi da kunnuwa da wuya, muka raba kan gida huɗu, biyu a gaba biyu a baya. A kwanon roba, ba na ƙarfe ba, muka kwaɓa hoda giram 30 da ruwan haɗi lamba 30 mililita 60, wato ɗaya bisa biyu, kamar yadda takardar hodar ta ce. Kaurinsa ya zama kamar kindirmo mai kyau, ba ya zuba daga buroshi. Mun yarda da lamba 30 ne kawai don ba za ta taɓa fata ba. Wanda hannunsa bai saba ba ya tsaya a lamba 20 a ko'ina.

Ƙarfe 10:00 muka fara daga ƙeya, mu biyu, kowa da safar hannu. Muna ɗiban gashi siriri-siriri, mu miƙe shi, mu bar faɗin yatsa ɗaya daga fata, mu lafta magani daga nan har ƙarshe, sama da ƙasa. Kalmar ita ce laftawa, ba gogawa ba. In kana hango baƙin gashi ta cikin maganin, bai isa ba. Kuma ba a danna gashin ya kwanta a kan fata, a tsaye ake barin sa, in ba haka ba maganin ya gangara gindi tun lokacinsa bai yi ba. Ƙarfe 10:10 muka gama, muka ɗora leda sakwa-sakwa. Amfanin ledar shi ne ta hana bushewa ta kuma ba ƙarshen gashi ɗan ɗumin da ba shi da shi.

Duk minti biyar muna dubawa. Ba a duba launi ta saman magani, domin farinsa na ruɗin ido. Ana goge wasu 'yan silla da tsumma mai danshi, a kalla a hasken rana, a mayar da magani wurin. Ƙarfe 10:15 ruwan ƙasa ne mai ja. Ƙarfe 10:25 ya zama ruwan goro. Nan ne wurin da ake jira. Ba agogo ke cewa a shiga gindi ba, launi ne: in tsawo ya ci kamar kashi biyu cikin uku na tafiyarsa, saura mataki ɗaya ya kai inda ake so, to lokacin gindi ya yi.

Muka kwaɓa sabo, hoda giram 20 da lamba 20 mililita 40. Ba a amfani da ragowar na farko, saboda ƙarfinsa ya ragu kuma lambarsa ta fi ƙarfin fata. Muka bi gindi daga ƙeya zuwa sama, goshi da gefen kunne a ƙarshe, muka gama 10:32. Duk inda tsawo ya fara bushewa muka ɗan ƙara masa. Wannan karon ba mu mayar da leda ba, gindi ba ya bukatar ƙarin ɗumi.

Ƙarfe 10:40 gindi ya kamo ruwan goro. Ƙarfe 10:48 muka goge sili ɗaya tun daga fata har ƙarshe, muka ga launi ɗaya ne, rawaya mai ɗan duhu. Muka fara wankewa daga ƙeya, inda aka fara shafawa, da ruwa mai ɗan ɗumi har santsi ya fita, sannan shamfu mai laushi da kwandishina. Ka lura da lissafin. Tsawo ya ɗauki kusan minti 48 da ruwa mai ƙarfi, gindi ya yi tafiya iri ɗaya cikin minti 20 da 'yan kai da ruwa mai rauni. Da a ce tare aka shafa musu tun ƙarfe 10:00, da gindin ya yi fari ya fara laushi tun ƙarshe na ruwan goro.

Yawancin hodoji suna iyakance zaman magani a kan gashi tsakanin minti 45 zuwa 50, kuma abin da ke rubuce a jikin naka shi ne hukunci. In lokaci ya cika launi bai kai ba, a wanke. Baƙin gashi irin namu ba kasafai yake kaiwa fari a zama ɗaya ba. Mai son fari ya huta aƙalla mako biyu yana shafa mai, sannan a duba ko gashin zai iya ɗaukar zagaye na biyu.

In gashi ya sake tsirowa

Bayan wata ɗaya baƙi zai fito a ƙasa, kuma a nan ɗumin fata ya zama abokin aiki. In aka dawo cikin mako huɗu zuwa shida, sabon gashin duk yana cikin yankin ɗumi, shafa ɗaya da lamba 20 ta wadatar. A tsaya daidai kan iyaka, kada magani ya hau tsohon wurin da ya riga ya yi haske, domin nan ne gashi ke karyewa. Ana iya shafa wa tsohon wurin kwandishina mai kauri don kariya.

In aka bari har wata uku, sabon gashin ya kai santimita uku, ya fita daga yankin ɗumi. Wanda ya shafa masa gaba ɗaya zai ga haske a gindi, haske a ƙarshe, da wani zobe ruwan goro a tsakiya kamar an ɗaura ɗamara. Irin wannan sai a yi masa tsarin gida biyu, tsakiyar da farko, gindi daga baya.

Yadda za ka gane abin da ya ɓata aiki

Ba kowane bambancin launi ne laifin ɗumi ba, kuma kowanne da alamarsa. In hasken ya zagaye kai duka, faɗinsa kamar yatsa ɗaya, ya fi ƙarfi a tsakar kai, kuma yana dusashewa a hankali zuwa sama, wannan ɗumi ne. In akwai layi a fili kamar an ja da biro, ƙasa haske sama ja mai duhu, tsohon dayis ne, kuma in ka auna nisan layin daga fata za ka ga ya yi daidai da watannin da aka yi rabo da shi. In kuwa dabbare-dabbare ne, nan haske can duhu ba tsari, magani ne bai isa ba ko ya bushe.

Gyaran na ɗumi hanya biyu ne. Ko dai a jira gashi ya huta, a rufe gindi da kwandishina, a shafa bilicin a wurin da ya yi duhu kaɗai har ya kamo. Ko kuma a sa wa gindin dayis mai ɗan duhu ya sauko ya daidaita da sauran, wanda shi ya fi sauƙi ga lafiyar gashi. Abin da ba a yi shi ne sake lafta wa kai duka, domin gindin zai ƙara gaba ne, tazarar na nan. Shamfu mai launin shunayya da ake sayarwa yana rage kaifin rawaya, mai shuɗi yana rage ruwan goro, amma babu wanda ke ƙara haske a cikinsu.

Akwai kuma iyakar da ba a wasa da ita. Ɗan tsikari ko ƙaiƙayi kaɗan a fata abu ne da aka saba. Zafi kamar wuta, kumburin fuska ko ido, ko numfashi ya fara wuya, a wanke nan take da ruwa mai yawa, in bai lafa ba a tafi asibiti. Lamba 30 da 40 ba na fata ba ne. Kada a kunna na'urar busar da gashi a kan maganin da ke jikin fata, kada kuma a zauna cikin rana wai don ya yi sauri, fatar ta riga ta ba shi zafin da yake bukata. In ka ja jiƙaƙƙen sili ka ga yana miƙewa kamar cingam ba ya komawa, gashin ya gaji, babu sauran bilicin a kansa sai dai almakashi.

Saboda haka in ka zauna a kujerar shago, a Arawa ne ko a Agege, gashinka ya wuce yatsa biyu, ka ga mai buroshi ya nufi fatar kanka da shafar farko, ka ce masa: "Maigida, dakata, a fara da sama tukuna." In ya tambaye ka dalili, ka ce ya ɗora tafin hannunsa a tsakar kansa na minti ɗaya, zai ji amsar da kansa.